Kuɗin da ka ɓoye a akwati ana cinye su kana barci

’Yan uwa mazauna Legas, Ibadan, Fatakwal da sauran garuruwan kudu: Akwai maganar da na gaji da ji a bakin mutanenmu: “Kuɗina suna nan, ko kwabo ban taɓa ba.” Malam, takardun ne suke nan. Ƙarfinsu ya daɗe da tafiya.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a shekara. Wato wanda ya ƙulle naira miliyan ɗaya a Disambar 2023, bayan shekara guda abin da za ta saya masa bai wuce kayan naira 742,000 na da ba. Ba a fasa masa ɗaki ba, amma ya yi asarar fiye da dubu 250. Dala kuwa a farashin gwamnati tana wajen naira 460 a Mayun 2023, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta kai 1,500.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ɗan kasuwar da ke karyewa yana murna. A ce ka saro wake buhu goma a kan 60,000 kowanne, ka sayar a 66,000. Ka ƙirga ribar 60,000, har ka riƙe kuɗin wata biyu kana jiran lokacin tafiya gida. Ka koma sari ka tarar buhu ya zama 72,000. Kuɗinka 660,000, uwa da riba, buhu tara kacal za su ɗauko. Ina ribar? Ka riƙa ƙirga jarinka da buhu, ka sa farashi bisa abin da za ka biya a sari na gaba, kuma kada kuɗin ciniki su daɗe a hannunka.

Adashi ma haka yake. Mai kwasar ƙarshe a adashin wata goma sha biyu shi ke ɗaukar nauyin sauran, don haka a taƙaita zagayen.

Wani zai ce a sayi dala kawai. Waɗanda suka saya a wajen 1,900 a kasuwar canji a Fabrairun 2024 sun ga ta faɗo kusa da 1,100 a Afrilu. Dala ta mai biyan kayan waje ce, ba ta mai kuɗin haya ba. Idan ajiyar ta aure ce ko ta gini, sayi bulo, rodi da kwano tun yanzu, amma ban da siminti, don yana daskarewa idan ya daɗe. Mai gudun riba yana da sukuk ɗin gwamnatin tarayya da aka fara a 2017, ana shiga da naira 10,000. Bai cika kamo tsadar kaya ba, amma ya fi akwati nesa ba kusa ba.

Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda, tambaye shi inda ’yan MMM suka kwana a Disambar 2016.