Kada a Auna Malami da Mudun Ɗan'uwansa

A 'yan shekarun nan gwamnatin tarayya ta kama hanyar maye gurbin fom ɗin APER, wanda ake auna aikin ma'aikaci da shi duk shekara, da wani sabon tsari. Abin da aka soma a Abuja kuwa ba ya daɗewa bai iso jihohi da ƙananan hukumomi ba. Ba mu ƙi a auna aikinmu ba, domin mu ma awo muke yi wa yara kowane zango. Amma akwai wata dabara da masu ba hukumomi shawara suke yawan shigowa da ita a irin wannan sauyi, wato jeren dole, kuma ya kamata mu san ta ciki da bai tun kafin ta ƙwanƙwasa ƙofar makarantunmu.

Jeren dole shi ne a yanke tun kafin a duba aikin kowa cewa kaso kaza na ma'aikata za su fito zakaru, kaso kaza matsakaita, kaso kaza kuma kāsassu. Wanda ya fi kowa yayata shi shi ne Jack Welch, shugaban kamfanin General Electric na Amurka daga 1981 zuwa 2001. A tsarinsa, kashi 20 cikin ɗari na sama a yi musu ruwan lada, kashi 70 na tsakiya a riƙe su, kashi 10 na ƙasa a sallame su. Hujjar da ake kafawa ita ce wani zane na ilimin ƙididdiga mai siffar ƙararrawa, wanda yake nuna cewa idan aka auna jama'a masu yawa, kamar a ce tsawonsu, mafi yawansu za su taru a tsakiya, 'yan kaɗan su fito a kowane gefe.

Zanen gaskiya ne a muhallinsa. Yana bayyana ne idan mutanen suna da yawan gaske kuma ba a tace su ba. Malaman makaranta ɗaya kuwa ba su da yawa, kuma an riga an tace su: sun yi kwalejin ilimi, sun yi gwajin koyarwa, an tantance su kafin a ɗauke su aiki. Ban da wannan, masanin ƙididdiga aunawa yake fara yi, sannan ya ga siffar da sakamakon ya bayar. Mai jeren dole shi kuwa ya riga ya zana siffar, mutane yake nema ya cusa a cikinta.

Mu ƙaddara makarantu biyu a ƙaramar hukuma ɗaya, kowace da malamai 20. Bisa lissafin Welch, dole kowane hedimasta ya fitar da zakaru 4, matsakaita 14, kāsassu 2. A makaranta ta farko an dace da haziƙai, makinsu ya kama daga 68 zuwa 88 cikin ɗari. A ta biyu aiki ya yi rauni, makinsu daga 35 zuwa 70. Idan aka yi rabo, malamai biyu na makarantar farko masu maki 68 da 70 za a rubuta su cikin kāsassu. A makaranta ta biyu, mai maki 68 yana cikin zakaru huɗu, har ana shirin ba shi lambar yabo. Aiki ɗaya, maki ɗaya, an ɗaga wannan an kayar da wancan, alhali abin da ya raba su kawai shi ne inda takardar tura aiki ta jefa kowannensu.

Mu ƙara duba makarantar farko. Na 18 a jeri yana da maki 71, na 19 yana da 70. Maki ɗaya ne tsakaninsu, amma ɗaya zai sami ƙarin girma, ɗayan kuma zai sami takardar gargaɗi a fayil ɗinsa. Duk wanda sufetoci biyu suka taɓa zama a bayan ajinsa ya san sukan kalli darasi guda su saɓa da fiye da haka. Sannan a ce shekara ta zagayo, kowane malami a makarantar ya ƙara ƙwazo, makin kowa ya ƙaru da 10. Har yanzu dole a fitar da kāsassu biyu. Ma'aunin da makaranta gaba ɗaya za ta gyaru bai nuna komai ba, me yake aunawa?

Wannan shi ne tushen ƙiyayyar da ma'aikata suke yi wa tsarin a duk inda aka gwada shi. Mutum yana iya haƙuri da hukunci mai tsanani idan ya san abin da zai yi ya kauce masa. A jeren dole kuwa, hanyar tsira ɗaya ce, wato a sami wani a ƙarƙashinka. Mun san yadda aikinmu yake tafiya: tsohuwar malama ta ja sabuwa gefe ta nuna mata yadda ake tsara darasi, malamin lissafi ya riƙe ajin maƙwabcinsa ranar da matarsa ta haihu, mai katin haruffa ya ara wa marar shi. Ranar da aka ce mutum biyu za su faɗi ko ta halin ƙaƙa, duk wannan taimako ya zama wauta, domin wanda ka ɗaga yau shi ne zai taka ka gobe. Wa zai yarda ya karɓi aji ɗaya mai yara ɗari? Wa zai nemi a kai shi makarantar da haziƙai suka taru, alhali a can ne ya fi kusa da faɗuwa? Hedimasta kuma, da yake dole ya miƙa sunaye biyu, sai ya duba wanda ba shi da uwa a gindin murhu, ko mai jego da ta yi hutun haihuwa, ko wanda ya kusa ritaya, ko kuma ya riƙa juya abin, bana kai baɗi wani.

Ba zato muke yi ba. Kamfanin motoci na Ford ya ɗora wa manajojinsa irin wannan jeri a shekarar 2000. Ma'aikata, musamman masu manyan shekaru, suka kai ƙara kotu cewa su ake turawa ƙasa, kuma a 2001 kamfanin ya janye tilasta kason, ya amince ya biya dala miliyan 10.5 a sasanta. A kamfanin Microsoft, tsofaffin ma'aikata sun shaida wa mujallar Vanity Fair a 2012 cewa jerin ya sa injiniyoyi suna gasa da junansu maimakon gasa da sauran kamfanoni, kuma a watan Nuwamba na 2013 kamfanin ya soke shi. General Electric ɗin ma da ya yi suna da shi ya bar shi bayan tafiyar Welch. Waɗannan 'yan kasuwa ne masu neman riba, ba ƙungiyar ƙwadago ba. Idan su da suka ɗinka rigar sun tuɓe ta, ba mu ga dalilin da za a kawo mana ita gwanjo ba.

Masu goyon bayan tsarin suna da hujja guda mai nauyi, kuma ba za mu kauce mata ba. Suna cewa idan aka bar shugabanni su ba da maki yadda suka ga dama, kowa sai ya fito da kyakkyawan sakamako, har da wanda ba a ganinsa sai ranar albashi. Haka ne, ana samun wannan, kuma malamin da ke aiki tsakani da Allah shi ya fi kowa cutuwa da shi. Amma ciwon a nan shi ne makin da ba shi da shaida da shugaban da ke jin nauyin faɗin gaskiya. Jeren dole bai warkar da ko ɗaya ba. A makaranta ta biyu ta misalinmu, wataƙila malamai takwas ne suke buƙatar gyara, amma tsarin zai kama biyu ya wanke shida da sunan matsakaita. Wasu kuma sukan ce ai mu ma muna rubuta na ɗaya da na biyu a katin sakamakon yara. Muna rubutawa, amma makin ci shi ke nuna wanda ya ci jarrabawa. Ba mu taɓa shiga aji mun ce yara huɗu za su faɗi ko da sun amsa komai daidai ba.

Abin da muke nema a maimakonsa shi ne a auna kowane malami da ma'auni rubutacce wanda ya sani tun farkon shekara: zuwa aiki a kan lokaci, tsara darasi, yadda yake koyarwa a aji, duba littattafan yara da cika rajista, da kuma ci gaban da yaran suka samu. A kan kowanne a fayyace abin da ake nufi da ya wuce ƙa'ida, ya cika ta, ko bai kai ba. Idan malamai 20 duk sun cika, a rubuta haka. Idan takwas ba su kai ba, a rubuta takwas.

Ci gaban yara kuwa daga inda aka same su za a auna shi. A ce malama tana da yara 90 a aji biyu, a farkon shekara 12 ne suke iya karanta gajerun kalmomin Hausa, a ƙarshenta sun zama 45. Wani malamin yana da yara 40, ya same su 30 suna karatu, ya bar su 36. Wanda ya duba sakamakon ƙarshe kaɗai zai ce ita rabin ajinta ne suka iya, shi kuwa tara cikin goma. Amma yara 33 ta buɗe wa ido, shi kuma 6. Saboda haka dole a yi ɗan gwaji a makon farko na shekara, a ajiye sakamakon, a kuma rubuta yawan yara da kayan aikin da aka ba malami kusa da makinsa.

Domin toshe ƙofar son kai da ta rabon maki kyauta, a shiga ajin kowane malami aƙalla sau biyu a zango, kuma mutum biyu daban su yi hakan, hedimasta da wani daga wajen makarantar. Kowane maki ya zo da shaidarsa a rubuce, a ba malami kwafi cikin mako guda. Wanda bai kai ba, a gaya masa takamaiman abin da zai gyara, a haɗa shi da gogaggen malami na tsawon zango ɗaya ko biyu, sannan a sake dubawa. Idan ya ƙi gyaruwa bayan haka, dokokin aikin gwamnati sun tanadi matakan ladabtarwa, a bi su. Wanda kuma bai gamsu da makinsa ba, ya sami damar ɗaukaka ƙara a gaban kwamitin da wakilin ƙungiya yake ciki.

Saura batun kuɗi, wanda sau da yawa shi ne ainihin abin da ke ɓoye a bayan ƙararrawar. Idan hukuma tana da kuɗin ƙarin girma na mutum huɗu ne kawai alhali goma sha biyar sun cancanta, ta fito ta faɗi haka, a bi tsarin wanda ya fi daɗewa yana jira, sauran kuma a rubuta cewa sun cancanta suna bin bashi. Kada a rage wa malami maki domin a ɓoye ƙarancin kasafi, a bar masa tabo a fayil har ranar ritayarsa.

Muna kira ga shugabannin reshenmu da su nemi a ba ƙungiya kwafin duk wani sabon fom na auna aiki kafin a fara amfani da shi. Mu kuma, idan fom ya iso hannunmu, mu karanta umarnin da aka ba mai cikawa. Duk inda muka ga an ƙayyade yawan waɗanda za su sami babban maki, ko an wajabta fitar da wani kaso a ƙasa, to jeren dole ne ko da wane suna aka raɗa masa, kuma mu kai rahotonsa ga sakataren reshe tun kafin kowa ya sa hannu.