Lissafin obataim a kan sati huɗu: a ina kuɗin ma'aikaci ke zurarewa?

Jama'a, masu aikin juti a asibiti, masana'anta ko kamfanin gadi, ku duba yadda ake lissafa muku kuɗin ƙarin lokaci, wato obataim. Wasu wuraren ba sa duba kowane sati shi kaɗai. Sai su tara awannin sati huɗu na rosta, abin da ya haura jimilla shi ne kawai obataim. Ni dai ra'ayina, tsarin ba zalunci ba ne a karan kansa, amma in babu sharaɗi, ƙofa ce ta cin gumin mutane.

Bari mu yi lissafi. A ce aikin sati awa 40 ne, kenan sati huɗu awa 160. Jutinka awa 12 ne. Satin farko ka yi juti biyar, awa 60. Na biyu juti biyu, awa 24. Na uku huɗu, awa 48. Na huɗu uku, awa 36. Jimilla 168.

In sati-sati ake lissafi, kana da obataim awa 20 a satin farko da awa 8 a na uku, 28 kenan. In aka tara, awa 8 kacal, domin satin da ka huta ya haɗiye satin da ka jigata. A ce awa ɗaya naira 1,000 ce, obataim kuma 1,500. Lissafin sati-sati zai ba ka 182,000, na tarawa 172,000. Ba a cinye awanninka ba, an biya su duka. Ƙarin naira 500 ɗin ne ya ɓace a kan awa 20. Dubu goma kenan a zagaye ɗaya, kuma zagayen sati huɗu guda 13 ne a shekara.

Masu kare tsarin suna da hujja. Jutin awa 12 ba ya raba 40 daidai, dole wani sati ya haura, wani ya gaza. Kuma da yawa daga cikin ma'aikata sun fi son doguwar juti da hutun kwanaki a jere, ko don kuɗin mota ya ragu. Na yarda. In tun kafin zagaye ya fara an liƙa rosta, ka san satin wahala da satin hutu, to ciniki ne, an ba ka ka bayar.

Matsalar tana farawa ne idan aka taɓa rostar. A sati na biyu abokin aikinka bai zo ba, aka kira ka ranar hutunka ka yi awa 12. Da aka shiga sati na huɗu sai oga ya ce, "Gobe ka zauna gida ka huta." Jimilla ta koma 168. Ka bar bikin ƙanwarka ka zo aiki, amma a takarda kamar ba a yi komai ba. Alamar wannan wasa ɗaya ce: hutun da ba ka roƙa ba yana yawan faɗowa a ƙarshen zagaye.

Ta biyu ita ce ranar rashin lafiya. Ka kwanta zazzaɓi juti ɗaya, aka rubuta maka sifili maimakon awa 12. Jimilla ta sauko 156, awa 8 ɗinka na obataim sun tafi, alhali satin awa 60 ka riga ka yi shi da jikinka.

Shi ya sa wasu ƙasashe suka sa wa abin linzami. A Amurka, ƙa'idar dokar tarayya ita ce kowane sati cin gashin kansa yake, abin da ya haura awa 40 a biya ɗaya da rabi, sai wasu ayyuka da aka keɓe. A lardin Ontariyo na Kanada an yarda a tara, amma sai da yarjejeniya a rubuce, kuma kada ya wuce sati huɗu. A Najeriya kuwa, sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ya bar tsayar da awannin aiki ga yarjejeniyar ma'aikaci da mai aiki, ko ta ƙungiya, ko hukumar tsara albashi, ya ce abin da ya haura shi ne obataim. Bai faɗi nawa za a biya ba. Kenan abin da ka sa wa hannu shi ne garkuwarka.

Don haka kafin ƙungiyarku ta amince, abu uku su shiga takarda. A rubuta ranar da zagaye ke farawa da ranar ƙarewa. Duk awar da aka yi a wajen rostar da aka liƙa, obataim ce nan take, ba ta jiran jimilla. Ranar hutu da ta rashin lafiya kuma a ƙirga ta da awannin jutinta. Kai kuma ɗauki hoton rosta ranar da aka liƙa ta, ka riƙa rubuta shigarka da fitarka.

Ku da ke juti, yaya ake lissafa muku a wurinku?