Kar jimillar albashi ta ruɗe ku, ku duba tushensa

Ƴan uwa matasa, duk wanda aka ɗauka aiki tambaya guda muke yi masa: nawa ke shiga hannunka ƙarshen wata? A ganina akwai wadda ta fi ta muhimmanci: a cikin kuɗin nan, nawa ne tushen albashi?

Takardar albashi kashi biyu ce. Akwai tushen albashi, wanda ga ma'aikacin gwamnati ake fiddawa daga makin matsayinsa, wato andis. Sai kuma ƙare-ƙaren da muke kira pirim ko alawus: kuɗin gida, na muƙami, na zama a ƙauye mai nisa. Yawancinsu da kujera suke tafe, ran da ka tashi sun tashi.

A aikin gwamnati, da tushen ake lissafin fansho: kashi 2 cikin ɗari na tushen albashinka na ƙarshe a kan kowace shekarar aiki. Mu ɗauki mutum biyu, kowannensu jika 200 a wata, kowa ya yi shekara 30, wato kashi 60 cikin ɗari. Na farko tushensa jika 150, pirim jika 50: fanshonsa jika 90. Na biyu tushensa jika 100, pirim jika 100: fanshonsa jika 60. Suna aiki kansu ɗaya, sun tsufa da tazarar jika 30 kowane wata, jika 360 a shekara.

Shi ya sa ba na saurin tafi in sandika ta fito daga yajin aiki da sabon pirim. Na san abin da za a ce: buhun shinkafa ba ya jiran ritaya. Gaskiya ne. Amma gwamnati ta san dalilin da ya sa ta fi son ba da pirim, ba ya ƙara mata nauyin fansho. Ƙarin darajar andis kuwa yau za ka ci shi, kuma ya bi ka har tsufa.

A kamfani ko ƙungiya, tarkon daban ne. CNSS tana lissafi da albashin da uban gidanka ya bayyana mata, har da pirim, ban da kuɗin da aka maida maka na hidimar aiki. Kuɗin sallama ma haka, ana duba matsakaicin albashin wata 12 na ƙarshe. To wani zai ba ka jika 150, ya rubuta jika 60 kawai, sauran a ambulan ko da sunan kuɗin mai. Ranar sallama da jika 60 za a yi lissafi.

Don haka kafin ka sa hannu, ka ce a rarrabe maka tushe da pirim a rubuce. Ka adana takardun albashinka duka, ka je CNSS ka duba abin da ake zuba maka. Ku kuma shugabannin sandika, in kun koma teburin tattaunawa, ku fara da andis.