Giba ko Gulma: Wacce Ta Fi Shiga Kunne?

A azumin da ya wuce an ba ni minti ashirin in yi wa mata nasiha a wata cibiyar Musulunci a nan Ingila. Akwai Kanawa, akwai 'yan Damagaram, akwai mutanen zangon Kumasi. Na ɗauko batun giba, na yi ta nanata kalmar, kowa na gyaɗa kai hankali kwance. Da na ce, "Wato dai yi da mutum, irin wanda muke yi a waya bayan an tashi daga biki," sai ɗakin ya yi tsit. Wata dattijuwa ta ce, "'Yar nan, yanzu kika fara wa'azi."

Kalmar gida tana taɓa mutum a inda yake zaune. Giba kalmar makaranta ce, mai sauraro yana iya ajiye ta can nesa da kansa. Gulma kuwa ya san ranar da ya yi ta, ya san da wa. Ko kwatancen da ya zo a Suratul Hujurati, aya ta 12, ya daɗe da zama a bakin Bahaushe, shi ya sa muke cewa ana cin naman wane.

Amma gulma buhu ce, komai ana zubawa a ciki. Malamai sun raba abu uku. Idan ka faɗi aibin da mutum yake da shi a bayan idonsa, giba ce. Idan ba shi da aibin, ƙage ne, wanda littattafai ke kira buhutani. Idan ka kwashi magana daga nan ka kai can don ka haɗa mutane faɗa, annamimanci ne. Da gulma kaɗai na tsaya, da wata ta tafi gida tana cewa, "Ai ni gaskiya na faɗa." Alhali wannan gaskiyar ita ce gibar.

Haka "ba kyau" take. Da ita aka hana mu sata, da ita aka hana mu shara da dare. Na farko haramun ne, na biyu camfi. Mai wa'azin da ya ce "ba kyau" a inda ya kamata ya ce haramun ko makaruhi ya bar jama'a cikin duhu, musamman yaranmu da suka tashi a nan, masu tambayar dalilin komai.

Ga yadda nake yi yanzu. Wurin hukunci ina riƙe kalmar Larabci, in faɗe ta yadda Bahaushe ke faɗinta, in fassara ta sau ɗaya da misali. Wurin jan hankali sai in koma kalmar gida: tsoron Allah maimakon taƙawa, yi don ganin ido maimakon riya. Sallah, alwala da lahira kuwa sun zama 'yan gida, ba sa neman tafinta.

In an tashi, nakan roƙi mutum ɗaya ya maimaita mini abin da ya ji. Idan kalmomina ya dawo mini da su ba misali ko ɗaya daga rayuwarsa, na san karatu na yi, saƙon bai isa ba.