An ƙwace miki rumfa: ƙofar wace kotu za ki buga?

A ce ke ƴar kasuwa ce, kina biyan patanti kowace shekara. Wata rana meri ta aiko miki da takarda cewa an karɓe rumfarki an bai wa wani. Ina za ki kai kuka? Amsar ta danganta da irin shari'ar da ƙasa ta gada.

A tsarin Faransa, wanda Nijar ta gada, ƙofa biyu ce. Rigimarki da wanda ya ci miki bashi tana zuwa gaban alƙali na kowa da kowa. Rigimarki da hukuma kuwa tana da nata alƙalin. Tun 1790 doka ta hana alƙalan Faransa tsoma baki cikin aikin hukuma, sannan a 1799 aka kafa Kwansai Deta, wadda ta zama babbar kotun irin waɗannan ƙararraki. Nijar ma ta yi tata a ƙarƙashin tsarin mulkin 2010, kafin a 2023 a mayar da aikinta ga Kotun Ƙasa.

Wannan alƙali takardar meri zai bincika. Wanda ya sa hannu yana da ikon yin haka? An bi ƙa'ida? An taka doka? Ko an yi amfani da iko ne don a gyara wani ɗan uwa? In ɗaya ya tabbata, sai ya soke takardar. Amfanin tsarin shi ne alƙali da kansa yake tilasta wa hukuma ta fito da takardunta.

Amma akwai tarko biyu. Na farko lokaci: a Faransa wata 2 ne daga ranar da aka ba ki takardar. In kin ɓata su wajen bin manya suna roƙo, kina iya rasa ƙarar ko da gaskiya taki ce. Na biyu, shigar da ƙara ba ya tsayar da hukuncin meri. Sai kin nemi dakatarwa daban.

A Najeriya, mai bin tsarin Ingila, ƴar uwarki ta Katsina za ta kai ƙaramar hukuma Babbar Kotun Jiha, wadda ke sauraren rigimar ƴan kasuwa ma. Ɗaukaka ƙara duk hanya guda ce har Kotun Ƙoli. Sai dai nauyin kawo hujja yana kanta da lauyanta, abin da ke cin kuɗi. Can ma agogo yana aiki: wata 3 ne a yawancin ƙararrakin da ake kai jami'an hukuma.

Ke nan ko can ko nan, jinkiri ne ya fi kayar da talaka. Kada ki yarda da umurnin baki, ki nemi takarda. Ki rubuta ranar da kika karɓe ta, ki adana rasit ɗin patanti, kuma a satin nan ki tambayi aboka kotun da ta dace da kwanakin da suka rage miki.