Idan Taki Ya Yanke: Wa Za a Fara Bai Wa, Kuma Yaushe Za a Gaya Masa?

Yankewar taki a tsakiyar noman rani abu ne da manoman Jega da Aliero da Maiyama suka sani sarai. Kusan duk buhun yuriya da ake zubawa a fadamun wannan yanki daga kudu yake tasowa, ko daga masana'antar Indorama da ke Eleme kusa da Fatakwal, ko ta Dangote da ke Lekki a Legas, wadda aka ƙaddamar a watan Maris na 2022. Tirela ɗaya kan ɗauko tan 30, wato buhu 600 masu kilo hamsin-hamsin, ta biyo hanyar Kwantagora da Yawuri kafin ta iso Jega. A wannan doguwar tafiya komai na iya faruwa: lodi ya jinkirta a masana'anta, man dizal ya yi tsada, mota ta lalace ta kwana uku a hanya. Shi kuwa kamfa, wanda ake haɗawa a cikin gida, wani ɓangare na kayan haɗinsa daga waje ake shigo da shi. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya hana isowar sinadarin fotash daga Rasha, sai da Najeriya ta nemo shi daga Kanada.

Babu dilan da za a zarga a kan waɗannan. Inda ake zarginsa, kuma da gaskiya, shi ne abin da ya yi tsakanin ranar da ya san kaya ba za su isa ba da ranar da abokan cinikinsa suka sani. Al'adar da ta yi katutu ita ce a ce "mota na hanya". Manomi ya taso daga Fagada a kan babur, ya ƙona mai, a ce masa ya dawo jibi, jibi kuma a ce ya dawo ranar kasuwa. Dilan yana tsoron kada a karɓe kuɗi a koma wurin maƙwabcinsa, shi ya sa yake jan lokaci. Amma lokacin da yake ja ba nasa ba ne, na gonar wani ne.

Shinkafar da aka dasa tana son yuriya sau biyu: zubi na farko wajen mako biyu zuwa uku bayan dashe, lokacin da take fitar da 'ya'ya, na biyu kuma daf da ɗaukar ciki. In na farko ya wuce lokacinsa, 'ya'yan da ba su fito ba sun tafi ke nan, ko da an ninka takin daga baya. Albasar Aliero ta fi haka saurin fushi. Wadda aka ba yuriya a makare lawashi take ta yi, wuyanta ya yi kauri, ta ƙi nuna da wuri, in an kai ta rumbu kuma ta kama ruɓa. Saboda haka manomin da aka gaya wa gaskiya yau yana da zaɓi: ya nemi taki a Birnin Kebbi ko Sakkwato, ya ranta wurin ɗan'uwa, ko ya rage faɗin abin da zai dasa. Wanda aka gaya wa bayan kwana goma ba shi da ko ɗaya.

Sanarwa mai amfani gajera ce, amma dole ta ɗauki lambobi. A faɗi nau'in da ya yanke, domin yuriya daban kamfa daban. A faɗi buhu nawa aka yi tsammani da nawa za su iso. Ranar zuwan sauran kuma, in dilan bai tabbatar da ita ba, ya faɗi ranar da zai sake ba da labari, kada ya yanka ranar da bai mallaka ba. Sai babban abu, wato ƙa'idar rabo, wadda ya kamata kowa ya ji ta kafin a kwance tamfol ɗin mota. Ƙa'idar da aka bayyana bayan an gama sauke kaya, ko da adalci ce, ba wanda zai yarda ba don wani aka tsara ta ba. Saƙon murya ta waya ya fi rubutu isa ga yawancin manoma, amma a haɗa da takarda a manne a ƙofar sito, a kuma sanar da Sarkin Noma da shugaban ƙungiyar manoma, domin a sami shaidar abin da aka faɗa. Manyan masu oda kuwa kira ya kamace su, ɗaya bayan ɗaya, tun da su ne za a fi rage wa.

A ɗauki misalin dila a Jega da ya yi odar tirela biyu ta yuriya, aka sanar da shi ɗaya ce kawai za ta taso a wannan makon. Buhu 600 ke nan, alhali littafinsa na nuna alkawarin buhu 900. Daga ciki, buhu 400 an biya kuɗinsu cif an karɓi rasit, 300 an ba da kafin alƙalami, 200 kuma magana ce ta fatar baki, irin ta "ajiye mini guda goma".

Waɗanda suka biya duka su ne farko, kuma a ba su cikakke, a kan farashin da suka biya. Wannan ba alfarma ba ce. Ciniki irin wannan, na biyan kuɗi yanzu a karɓi kaya sananne a lokaci sananne, shi malaman fiƙihu ke kira salam, kuma kayan bashi ne a wuyan mai sayarwa. In lokaci ya yi kaya suka gagara samuwa, mai saye ne ke da zaɓi: ya jira, ko ya karɓi kuɗinsa. Dilan ba shi da ikon riƙe kuɗin da ƙarfi, ba shi kuma da ikon cewa a cika masa don farashi ya tashi a kasuwa. Da kuɗin waɗannan mutane ya yi lodi tun farko.

Saura buhu 200, ga masu kafin alƙalami da ke jiran 300. A nan ne ake gane dilan da ya san aikinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi kwanan wata, wanda ya fara zuwa a fara ba shi. Aibinta shi ne mutum biyu ko uku masu manyan oda za su kwashe komai, na ƙarshen layi su tashi hannu rabbana. Hanya ta biyu ita ce a rage wa kowa daidai, kashi biyu cikin uku. Tana da kyau a takarda, amma mai buhu biyu zai tashi da buhu ɗaya da sulusi, kuma da zarar an fara farke buhu ana auna wa mutane da kwano, rigimar mudu ta shigo, yuriya kuma da ta sha iska tana jan laima ta dunƙule.

Abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa biyun, a sa wa ƙananan manoma ƙasan da ba za a sauka ƙarƙashinsa ba. A ce cikin masu kafin alƙalami akwai mutum 50 masu buhu bibbiyu. A cika musu, buhu 100 ke nan. Sauran 100 a raba wa manyan, waɗanda odarsu ta kai 200, kowa rabin nasa: mai 40 ya sami 20, mai 10 ya sami 5. Rabin nan ba a banza aka zaɓe shi ba. Tun da sau biyu ake zuba yuriya, rabi ya ishi zubi na farko, tirela ta biyu kuma tana da makonni kafin lokacin zubi na biyu ya yi. Mai babbar gona an jinkirta masa ne, ba a cuce shi ba, muddin sunansa ne a sama idan mota ta gaba ta iso. Haka kuma in akwai wanda bai riga ya yi dashe ba, ana iya roƙonsa ya ɗaga wa wanda shinkafarsa ta riga ta kai mako uku, da sharaɗin ya yarda da bakinsa, a rubuta.

Masu fatar baki fa? A gaya musu a fili cewa ba su cikin wannan rabo. Yana da nauyi a baki, musamman ga tsohon abokin ciniki ko dattijon unguwa, amma ya fi a bar shi yana sa rai. A rubuta sunayensu bi da bi don kaya na gaba, a kuma faɗa musu cewa farashinsu na ranar da kaya suka zo ne.

Wasu diloli kan tura mutane ga kamfa a madadin yuriya. Ana iya yi, amma da lissafi a bayyane. Yuriya na ɗauke da sinadarin naitirojin kashi 46 cikin ɗari, kamfa mai lamba 15:15:15 kashi 15 ne kawai. Ke nan sai an zuba wajen buhu uku kafin a maye gurbin buhu ɗaya, mai lamba 20:10:10 kuwa biyu da ɗoriya. Wanda ya miƙa wa manomi buhu a madadin buhu ya yi shiru, ya sayar masa da kashi ɗaya cikin uku na abin da gonarsa ke bukata.

Akwai alamun da ke nuna rabo ya karkace. Mota ta iso da dare, da safe a ce buhu 300 ne suka zo. 'Yan sari a bakin kasuwa su wayi gari da taki iri ɗaya a farashi mai tsada, alhali masu rasit na tsaye a ƙofar sito. Ko a ga buhun da aka sake wa ɗinki, a ɗora a sikeli ya gaza kilo 50. Na farko da na biyu ɓoye kaya ne, wanda addini ya hana, na uku kuma tauye ma'auni ne, kuma dokar kula da ingancin taki ta ƙasa ta 2019 ta tanadi hukunci a kan gurɓata taki da rage nauyinsa. Maganinsu ba mai wuya ba ne: a ƙirga buhu a gaban wakilin manoma lokacin saukewa, takardar lodi a hannu, a manna sunayen waɗanda suka karɓa da adadin kowa.

Akwai masu cewa ɗan kasuwa ba gwamnati ba ne, kayansa ne, yana da damar ya fifita babban abokin cinikin da ke sayen ɗaruruwan buhu duk shekara. A kan kayan da bai yi wa kowa alkawarinsu ba, haka ne, ya sayar wa wanda ya ga dama. Har ma yana iya sa wannan fifiko cikin ƙa'idarsa, in dai ya faɗe shi tun ranar da ake karɓar oda, domin mai buhu biyu ya san matsayinsa kafin ya ajiye kuɗinsa. Amma buhun da aka riga aka karɓi kuɗinsa ya fita daga wannan dama. Kuma dilan da ya ga littafinsa ya kai adadin abin da ya tabbatar zai iso, wajibi ne ya daina karɓar sabon kuɗi a ranar, domin yawancin rigimar rabo daga odar buhu na 601 take farawa, wadda aka karɓa alhali an san tirela ɗaya ce ke tafe.