Wayar da ke kunnuwa ba lalle ne tana da lafiya ba

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanenmu, daga teburin masu caji a Kumbotso har rumfunan tumatir na Kwanar Gafan: wai saƙon sabuntawa da ke shigowa waya, wanda ake kira afdet, dabara ce ta cinye data da kashe batir, don haka ranar da ya daina zuwa an huta. Har za ka ji mai gyara yana ba da shawara, "Alhaji, kada ka taɓa shi, wayarka lafiyarta ƙalau." Ina ganin wannan magana kuskure ce mai tsada, kuma talaka ne ke biyan kuɗinta.

Ba daga sama zargin ya faɗo ba. A 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin wayoyinsa masu gajiyayyen batir ta hanyar sabuntawa, kuma a 2020 Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu saye ba. Amma laifin da aka kama shi ne ɓoye gaskiya. Wannan bai nuna cewa waya ta fi lafiya idan an bar ta ba gyara ba.

Sabuntawa iri biyu ce, kuma haɗa su da ake yi shi ne tushen ruɗanin. Akwai babba, wadda ke ɗaga waya daga Android 13 zuwa 14, ta sauya fuska, wani lokaci ta yi wa ƙaramar waya nauyi. Akwai kuma ta tsaro, ƙarama, wadda ba ka ganin komai ya canza bayanta. Aikinta toshe kafofin da aka gano a cikin manhajar waya. Tun 2015 Google ke fitar da jerin irin waɗannan kafofi duk wata tare da maganinsu. A shekarar ce aka bankaɗo matsalar Stagefright, inda saƙon bidiyo kaɗai kan iya ba wani damar kutsawa cikin waya. A 2017 aka gano BlueBorne, wadda ke shiga ta Bluetooth ba tare da mai waya ya danna komai ba. Abin lura shi ne jerin nan a fili yake, ɓarawo ma yana karantawa. Wayar da aka daina aika wa gyara, kowane wata ana shelanta wa duniya sababbin ƙofofinta, kuma babu mai zuwa ya rufe.

To me ya sa kamfanoni suke daina aiko gyaran? Gyaran ba ya tasowa daga Google ya sauka wayarka kai tsaye. Sai ya bi ta hannun masu ƙera ƙwaƙwalwar wayar, irin su MediaTek da Unisoc da Qualcomm, su daidaita shi da nasu kayan. Daga nan kamfanin da sunansa ke jikin wayar ya karɓa, ya haɗa da tasa kwalliyar, ya gwada a kan kowane samfuri, sannan ya aika. Kowane mataki albashin injiniyoyi ne, alhali kuɗin wayar sau ɗaya aka biya, ranar da aka saya. Kamfanin da ke fitar da samfura barkatai duk shekara a kan 'yar riba, da ya sayar sai hankalinsa ya koma kan na gaba. In kuma mai ƙwaƙwalwar ya janye hannu, ko kamfanin yana so abin ya yi masa wuya.

Sai dai kada a ce mana ba zai yiwu ba. A Oktoban 2023 Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin shekara bakwai. A Janairun 2024 Samsung ya yi haka ga Galaxy S24, daga baya ya ba Galaxy A16, wadda ba ta manyan masu kuɗi ba ce, shekara shida. Tarayyar Turai kuwa ba ta tsaya roƙo ba: daga 20 ga Yunin 2025, duk sabuwar wayar da za a shigar kasuwarta dole a ci gaba da sabunta ta aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin. Inda doka ta matsa, kuɗin injiniya ya samu.

Yanzu a dubi manomin rani a Kura ko Bunkure. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, cinikin kwandunan tumatir da buhunan shinkafa ya koma taransifa. Kuɗin taki, kuɗin man injin ban-ruwa, ladan 'yan ƙwadago, duk a waya suke kwana. Wannan manomi ba zai sayi maganin feshi bai juya kwalbar ya duba ranar lalacewarsa ba, amma zai je Farm Centre ya ɗauko waya ta hannu, ya duba gilashi da batir da kyamara, bai tambayi shekara nawa suka rage mata ba.

A ce Galaxy S9 aka miƙo masa, tana sheƙi. Ta fito a 2018 da Android 8, ta tsaya a Android 10, gyaran tsaronta ya ƙare a 2022. Za ta kunnu, za ta yi kira, hotonta ma ya fi na wasu sababbi. Amma duk wata kafa da aka gano a can cikin tsarinta tun daga lokacin tana nan a buɗe. Bayan haka sai manhajoji su fara juya baya ɗaya bayan ɗaya. WhatsApp ya bar wayoyin da ke ƙasa da Android 5 a Oktoban 2023, a 2025 kuma ya bar iPhone 6, wadda har yanzu ake gani a hannun matasa. Manhajojin banki ma haka suke ɗaga matakinsu, sai wata safiya mutum ya ga tasa ta ƙi sauka, dillali na tsaye, mota ta cika.

Lissafin ba shi da wuya. A ce waya ta naira dubu 120 saura mata shekara ɗaya, wata kuma ta dubu 180 saura mata biyar. Ta farko dubu 120 take ci a shekara, ta biyu dubu 36. Wadda ake kira mai araha ita ce mai tsadar.

Dubawa kuwa minti ɗaya ce. A shiga Settings, a gangara About phone, a nemi Android security update ko Security patch level. Kwanan wata ne a wurin. In ya wuce shekara, a danna neman sabuntawa. In ta ce babu sabo, to ga dukkan alamu an yaye ta. Kada a ruɗe da Google Play system update da ke kusa da shi, wanda kan nuna kwanan wata na kusa, domin wani yanki kawai yake gyarawa. Wanda ba shi da halin canza waya, ya bar tsohuwar ga kira da sauraren karatu, ya daina saukar da manhaja daga hannun masu tura fina-finai, ya kashe Bluetooth in ba ya amfani da shi. Na sani yawancin satar da ake yi wa mutanenmu ta kiran waya ce, a yaudari mutum ya karanto lambar sirri, kuma babu sabuntawar da ke maganin wannan. Amma kasancewar ɓarawo ya fi bin ƙofar gaba ba hujjar barin ta baya a buɗe ba ce.

Babban ƙorafina yana kan hukuma. NCC ce ke tantance samfurin waya kafin a sayar da shi a Najeriya. Me zai hana ta sa sharaɗi cewa kowane kwali ya ɗauki ranar da gyaran tsaro zai ƙare, da manyan baƙaƙe? Transsion, mai Tecno da Infinix da Itel, shi ne kan gaba wajen sayar da waya a Afirka, kuma kasuwar Najeriya ba wadda zai yi wasa da ita ba ce. In aka fara da shi da Samsung da Xiaomi, sauran za su bi, kuma mai saye a Farm Centre zai sami abin da zai nuna da yatsa lokacin ciniki.